Kafin Ka Buɗe Kwamfuta, Daidaita Littafi da Aljihun Teburi

Mai shagon tireda yakan wuni yana karɓar kuɗi, amma in ka tambaye shi nawa ya sayar jiya sai ya ce, "To, an dai gode Allah." Wasu kuma sun ji ana maganar Excel da Google Sheets, suna ganin da zarar sun saka su a waya matsalar ta ƙare. Amma manhaja abin da ka ba ta take tarawa. Idan ba ka saba rubuta kowace shiga da fita ba, kuskurenka za ta jera maka da kyau. Shi ya sa ake farawa da littafi mai kauri da biro.

Kowace rana ta samu shafuka biyu masu kallon juna, da kwanan wata a sama. Shafin hagu na ciniki ne, a raba shi gida uku: kuɗin hannu, taransifa, da bashi. Raba su ya zama dole, domin tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane da yawa suka koma biya ta waya, kuma wannan kuɗin ba ya shiga aljihun teburi. Kada a rubuta taransifa sai an gan ta a asusun shago. Hoton da mai saye ya nuna a wayarsa ba shaida ba ne. Shafin dama na fita ne, kuma a nan aka fi yin sakaci. Kuɗin saro kaya kowa na tunawa da shi, amma na ɗan dako, na fetur, da na cefanen da maigida ya zara ya aika gida, su ne ke zurarewa ba a sani ba.

Mu ɗauki misalin wuni guda. An buɗe shago da canjin N10,000. An sayar da kayan N46,500 kuɗi hannu, na N18,000 ta taransifa, wata maƙwabciya kuma ta karɓi na N4,200 bashi. Cinikin ranar ke nan N68,700. Da la'asar wani ya kawo N3,000 na tsohon bashinsa. Wannan kuɗin ya shiga aljihun teburi, amma ba cinikin yau ba ne, don an riga an ƙirga shi ranar da ya ɗauki kayan. A rubuta shi a ƙasan shafi, a kuma rage shi a shafin sunan mai bashin da ke ƙarshen littafi.

A ɓangaren fita, an biya mai burodi N12,000, mai ruwan leda N4,500, fetur na janareta N3,000, ɗan dako N500, cefane N5,000. Jimilla N25,000.

Da an rufe shago sai a yi gwajin da ya fi komai amfani. A haɗa canjin safe, cinikin hannu da bashin da aka biya, N59,500 ke nan. A cire N25,000, saura N34,500. Wannan ne ya kamata a tarar a aljihun teburi. Idan an ƙirga aka samu N33,700, akwai giɓin N800. A nemo shi a daren, tun ana iya tuna wa ya zo: ko an ba da canji ya wuce, ko an sayi kati ba a rubuta ba. Idan bai fito ba, a rubuta "giɓi N800" yadda yake, kada a gyara lamba don lissafi ya tashi daidai. Kuɗi ya yi yawa ma alama ce, wato an sayar da wani abu ba a rubuta ba.

Littafin yana da iyakarsa. N34,500 ɗin nan ba riba ba ce, domin uwar kuɗi na ciki. Sanin riba sai an ƙirga kayan da ke kan kanta a farkon wata da ƙarshensa.

Idan littafi da aljihun teburi suka riƙa dacewa na wata biyu ko uku, kuma tara lambobin wata ya fara cin lokaci, to an isa komawa jadawalin kwamfuta. Gidajen littafin ne za su zama ginshiƙansa, kowace rana layi ɗaya: kwanan wata, kuɗin hannu, taransifa, bashi, biyan bashi, fita. Jimillar kuɗin hannu na wata mai kwana 31 ita ce:

```
=SUM(B2:B32)
```

A kula da abu ɗaya. Idan aka rubuta "dubu biyar" ko "5k" a gurbin lamba, manhajar za ta ɗauke shi rubutu, ta tsallake shi ba tare da gargaɗi ba. Ana gane shi domin lamba takan jingina dama, rubutu kuma hagu. Littafin ya ci gaba da zama a shago ana rubutu a take, a riƙa kwashe jimillar kowace rana zuwa waya da dare, bayan an ƙirga kuɗi.