Ranar Suna: Yadda Sunan Jariri Ke Fitowa Daga Bakin Uba Zuwa Kunnen Unguwa

Kafin a zo ga goro da rago, sai an fara daidaita lissafin kwanaki, domin a nan ne gidaje da dama ke samun saɓani. Kowa ya san suna kwana bakwai ne, amma daga yaushe ake fara ƙirge? A mazhabar Malikiyya, wadda yawancin malamanmu suka tashi a kanta, idan aka haifi yaro bayan alfijir ya keto, ba a lissafa wannan yinin. Wanda aka haifa ranar Talata da hantsi, Laraba ce kwanansa na ɗaya, sunansa kuma ya faɗo Talatar da ke zagayowa. Shi ya sa mutane ke cewa ranar haihuwa ita ce ranar suna. Amma idan haihuwar ta zo cikin daren Talata, wato bayan faɗuwar ranar Litinin kuma kafin alfijir, to Talatar ta shiga lissafi, suna ya koma Litinin. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, ya kawo wannan hukunci na rashin ƙirga ranar haihuwa.

Sau da yawa sunan ya riga ya samu tun kafin wannan rana. Jim kaɗan bayan haihuwa ake miƙa wa uba ko kaka jariri ya yi masa huɗuba, a yi kiran salla a kunnensa na dama, iƙama a na hagu, wasu kuma nan take suke raɗa masa sunan da aka zaɓa. Daga nan sai a ja baki a yi shiru. 'Yan barka za su yi ta shiga da fita, ana dama kunun kanwa, mai jego na wankanta safe da yamma, a yi ƙauri a kwana na uku ko na huɗu, amma duk wadda ta tambayi suna, amsar da za ta samu ita ce ta jira ranar. Ana gobe suna kuma sai a bi 'yan'uwa da maƙwabta da goro ko alewa, a ce gobe da safe akwai raɗin suna a gidan wane.

Taron maza na sassafe ne, bayan sallar Asuba, a ƙofar gida ko a masallacin unguwa. Ana shimfiɗa tabarmi, liman da dattawa su zauna a gaba, a kawo goro da dabino a ajiye. Uban yaro ba ya miƙewa ya yi jawabi. Shi ko wansa ko mahaifinsa ne zai matsa kusa da liman ya faɗa masa sunan a kunne. Idan ɗan fari ne ma, uban kan koma can gefe saboda kunya, ya bar wa manya. Liman sai ya buɗe da salati, ya sanar cewa Allah ya ba wane ƙaruwar ɗa namiji ko 'ya mace, ya faɗi sunan, sannan ya shiga addu'a: Allah ya raya, ya shirya, ya sa mai jin ƙan iyaye ne, ya ba uwa lafiyar shayarwa. A shafa Fatiha.

Muryar liman ba ta wuce sahun gaba, don haka aikin isar da suna na maroƙi ne, wanda a wasu wurare ake kira sanƙira. Yana tsaye kusa, kunnensa a bakin liman, duk abin da aka faɗa ya ɗaga murya ya maimaita. Da sunan ya fito zai kwarara shi har na ƙarshen tabarma ya ji, sannan ya nufi bakin zaure ya sake faɗa don matan da ke ciki. Guɗar da za ta tashi daga cikin gida ita ce shaidar cewa saƙo ya isa. A ganina wannan ɗan tsakanin shi ne ya fi buƙatar kula a duk hidimar. Hassan da Hashim, ko Sa'adatu da Sa'adiyya, ba su da wuyar rikicewa cikin hayaniya, kuma sunan da ya riga ya shiga cikin gida da guɗa yana da wahalar janyewa. Liman mai lura yakan maimaita sunan, ya dubi mai gida ya ga ya gyaɗa kai, kafin ya bar maroƙi ya tafi da shi.

Bayan an watse ake yanka, da hantsi. Ragon suna shi ne haƙiƙa, kuma sharuɗɗansa irin na layya ne: kada ya zama mai ido ɗaya, ko gurgu, ko mara lafiya, ko ramamme. A Malikiyya dabba ɗaya ta wadatar, namiji aka haifa ko mace. Waɗanda ke yanka biyu ga namiji suna bin wani hadisi ne da sauran mazhabobi suka yi aiki da shi, kuma tagwaye kowa da nasa. Wanda bai da hali kuwa, babu abin da ya hana ɗansa cin suna. Haƙiƙa ba farilla ba ce, kuma rashin rago ba ya rage wa suna komai, ko da yake surutun dangi kan sa magidanci ya ci bashin da zai daɗe yana biya. A gidaje da yawa ana rataye naman ya sha iska, sai washegari a soya a rarraba, ungozoma da wanzami kowa da kasonsa.

Wanzami na zuwa da safen nan ya yi wa jariri askin farko. An so a yi sadaka da kimanin nauyin gashin na azurfa ko zinariya, abin da yau ake ƙiyastawa da kuɗi. A da, a zaman nan ne ake cire beli, a yi tsagar gado. Tsaga ta ja baya ƙwarai, cire beli kuwa likitoci na gargaɗi a kansa, domin yakan jawo zubar jini, kuma ƙarfen da ba a tsabtace ba yana iya sa wa jariri cuta. Aski kaɗai, da sabuwar reza, ya isa.

Yinin kuma na mata ne. Mai jego ta yi lalle da kitso, ta yi ta sauya kaya, ana kawo zannuwa da sabulai da kayan jarirai, wata 'yar'uwa na riƙe da lissafin wanda ya kawo me, saboda biki bashi ne. Kuma a nan ne sunan da aka sanar da safe ke gamuwa da alkunya. A ce an sa wa yaro Ibrahim, sunan kakansa na wajen uba. Uwar ba za ta iya kama sunan surukinta ba, uban ma ba zai kira sunan mahaifinsa gatsau ba, don haka kafin la'asar yaro ya zama Abba ko Halifa. Idan mace ce mai sunan kakarta, ta zama Ummi ko Walida. Wani kuma ranar haihuwa ce za ta bi shi, ya zama Ɗanladi ko Ɗanjuma, wanda ya biyo bayan tagwaye ya zama Gambo, namijin da ya biyo mata ya zama Tanko. Laƙabin nan kan danne na yanka har yaro ya girma wasu maƙwabta ba su san Ibrahim ne ba. Matsala takan taso ne a wajen takardu, idan aka rubuta Abba a rajistar makaranta alhali takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa na ɗauke da Ibrahim. Gyaran wannan daga baya sai da rantsuwar kotu, don haka sunan da liman ya faɗa shi ya kamata a kai wa jami'in rajista, da harufansa yadda ake so su zauna.