Ciwon Cikin Safiyar Litinin

Yarinya 'yar aji ɗaya a babbar sakandare ta tashi da ciwon ciki ranar Litinin, ta ce ba za ta makaranta ba. Uwa ta matsa, yarinyar ta mayar da baƙar magana, ta shige ɗaki. Kafin azahar ciwon ya lafa, ranar Asabar kuwa ko alamarsa babu. A gidaje da yawa hukuncin ɗaya ne: ƙarya take yi, ga rashin kunya. Amma sau da dama fargaba ce, wadda ke murɗa ciki da gaske, ta sa zuciya bugawa. Saurin fushi ma yana cikin alamomin da likitocin ƙwaƙwalwa ke dubawa, domin matashi ya fi iya yin tsawa a kan ya ce yana jin tsoro. Tun 1969 likitan Birtaniya Ian Berg da abokan aikinsa suka bambanta irin wannan yaro da mai fashin makaranta: mai fashi yana ɓoye wa iyayensa ya tafi yawo, shi kuwa wannan a gida yake zama da saninsu, cikin ƙunci.

Abin da ke raya matsalar shi ne sauƙin da yarinyar ke ji da zarar an ce ta zauna. Ƙwaƙwalwarta na ɗaukar darasi cewa gudu ne ya cece ta, gobe ƙofar makaranta ta ƙara yin nauyi, ga karatu ya wuce ta. Bulala kuma tsoro na biyu take ɗorawa a kan na farko. Shi ya sa nake ganin hanya mafi inganci ita ce komawa mataki-mataki ba tare da jinkiri ba. A fara da likita ya duba cikin. Sannan a tambaye ta a natse, ba da safe ana sauri ba: "Wane lokaci ne ya fi miki wuya a makaranta?" Idan tsayar da ita karatu gaban aji ne, a roƙi malamin ya ɗaga mata ƙafa na ɗan lokaci. Yau ta kai bakin ƙofa, gobe ta zauna darasi ɗaya, sannan har tara, sannan yini guda. Ranar da ta zauna gida, babu waya babu kallo a lokacin karatu.

Wani zai ce wannan sangarta ce. Ai sangarta ita ce a bar ta a gida. Nan kuwa kullum ana neman ta fuskanci abin da take gudu. Akwai hujja kuma: a binciken da aka buga a Amurka a 2008 kan yara 488 masu cutar fargaba, kusan kashi 60 cikin ɗari na waɗanda aka koya wa tunkarar tsoronsu sun sami sauƙi sosai, alhali masu shan ƙwayar da babu magani a cikinta ba su kai kashi 24 ba.

Iyakar dabarar ita ce inda tsoron ke da dalili na zahiri. Idan ana cin zalinta ko wani babba na damunta, wannan za a fara kawarwa kafin a mayar da ita. Idan kuma ta daina ci da barci, ko ta ambaci kashe kanta, a kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jira ba, kamar a asibitocin tarayya na Kaduna, Kware da Maiduguri.