Wayar da ke rubuta wa kurma magana: inda take daidai da inda take tuntuɓe

Jama'a makiyaya da fatake, daga Komah ta Sokode har Dapaong da Sinkase, da wuya a rasa kurma ko dattijon da kunnensa ya yi nauyi a cikin danginku. Ciniki kuwa yanzu ya koma waya. To, akwai manhajar da ke sauraron magana tana rubuta ta nan take. Tana da amfani, amma sai kun san halinta: ba jin magana take yi kamar mutum ba, cankar kalmar da ta fi kama da sautin take yi. In ba ta ji sosai ba, sau da yawa sai ta rubuta wata kalmar tsaf, kamar ta tabbata.

A wayar Android sunanta Live Transcribe, in wayarka na Faransanci ce kuma za ka ga Transcription instantanée. Kamfanin Google ya fitar da ita a 2019, da shawarar jami'ar kurame ta Gallaudet da ke Amurka. Abin da ke kusa da wayar take saurare, saboda haka in kira ne, sai a buɗe lasifikar wayar da aka kira, a ajiye ta biyu kusa da ita tana rubutawa. Galibi tana bukatar intanet, kuma sai ka zaɓa mata harshe tukuna.

Batun harshe shi ne shinge na farko. Na'ura tana koyo ne daga ɗimbin muryoyin da aka naɗa aka rubuta. Faransanci da Ingilishi suna da irin wannan taska jingim, Hausa kaɗan, Kotokoli da Moba da Fulatanci kuwa ƙasa da haka. Ko WhatsApp, da ya fara rubuta saƙon murya a ƙarshen 2024, bai sa Hausa cikin harsunan farko ba. Mu kuma a kasuwa gauraya muke yi: gaisuwa da Kotokoli, tayi da Hausa, kuɗi da Faransanci. In an saita wayar a Faransanci ka saki Hausa, sai ta tsallake ko ta laƙa wa maganarka kalmomin Faransanci marasa kan gado.

Shinge na biyu sauti ne. Layin kira na yau da kullum yana matse murya, yana yanke siririn sautin da ke bambanta “s” da “f”. Ƙara kukan dabbobi, da ƙarar babura, da mutum biyu suna magana lokaci guda, ka ga kuskure ya ƙaru.

Ga misali. A ce dillali a Dapaong ya kira wani kurma mai sayen raguna a Sokode, ya faɗi jimla mai kalma 20 da Faransanci. Wayar ta rubuta 19 daidai, wato kashi 95 cikin 100, sai ka ce abin ya yi. Amma kalma ɗayan da ta kuskure ita ce kuɗin. Dillali ya ce kowane rago sefa 116,000, wayar ta rubuta cent treize mille, wato 113,000, don seize da treize sun yi kama a kunne. Bambancin 3,000 ne a kan kowane rago. In raguna 20 ne, 60,000 ke nan. Mota ta iso, sai rigima, kowa yana rantsuwa, kuma ba wanda ya yi ƙarya.

Haka ma ƙananan kalmomin kore magana. Tsakanin “na sayar” da “ban sayar ba” ɗan sauti ne, hayaniya na iya haɗiye shi. Sunayen mutane da na ƙauyuka su ma suna yawan lalacewa. Sannan ko ta rubuta “ashirin” daidai, ba za ta faɗa maka cewa mai lissafi da dala sefa 100 yake nufi ba.

Yaya za ka gane ta ɓata? In rubutu ya tsaya alhali mutum yana ta magana, ko kalma ta fito ta sake canzawa, ko ka ga batun da bai shafi cinikinku ba, to a maimaita. Amma lambar da aka kuskure ba ta da alama, daidai take fitowa kamar ta gaskiya.

Don haka kai mai magana, ka matso da wayar kusa da bakinka, ka tsaya a harshe guda, ku yi magana ɗaya bayan ɗaya. Kai mai karantawa, ka maimaita kuɗi da yawan dabbobi da ranar lodi, ɗayan ya amsa. Kafin a tura kuɗi ta waya, a aiko da adadin da lambar mai karɓa a saƙon rubutu, da alƙaluma. In kuwa ɗan'uwanku bai iya karatu ba, da maganar hannu yake zance, wannan manhaja ba ta maye gurbin wanda ya saba yi masa tafinta. Ku tafi da shi ranar kasuwa.