Waifai Ya Kama, Intanet Ba Ta Zo Ba: Yadda Za Ka Gano Inda Matsalar Take

Akwai wani rubutu da ke tayar wa masu aiki da laftof hankali: "No Internet, secured". Kwamfuta ta karɓi lambar sirrin waifai, ta ce ta haɗu, amma burauza ta ƙi buɗe ko shafi ɗaya. Abin da akasarin mutane ke yi a nan shi ne su kashe su kunna, su sake kashewa su kunna, daga nan sai wajen mai gyara, wanda wani lokaci zai ce sai an sauke Windows an ɗora sabuwa. A ganina wannan asara ce ta kuɗi da lokaci, domin mafi yawan irin wannan matsala ana iya gano tushenta cikin 'yan mintuna da kalmomi kaɗan da za ka rubuta da hannunka.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne waifai daban, intanet daban. Waifai hanya ce kawai tsakanin laftof da rauta, wato akwatin nan mai fitilu ko ƙaramar maifai da ake sa wa sim. Daga rauta zuwa kamfanin sadarwa wata hanya ce ta dabam. Sandunan da kake gani a ƙasan allo ƙarfin hanyar farko kaɗai suke nunawa. Ita kuwa Windows tana da nata gwajin: da zarar ta haɗu sai ta nemi wani ɗan fayil daga shafin Microsoft mai suna www.msftconnecttest.com, idan bai iso ba ta rubuta cewa babu intanet. Ba ta faɗa maka a ina aka tsaya, wannan aikinka ne.

Kafin ka taɓa komai a kwamfutar, ɗauko wayarka ka haɗa ta da wannan waifan. Amma ka kashe datar wayar tukuna, don wayoyi da yawa kan koma kan datarsu a ɓoye idan waifai ba ya kawo komai, sai ka zaci rauta lafiya take. Idan ita ma wayar ta kasa buɗe shafi, to laftof ba ta da laifi, ka rabu da ita. Ka duba ko data ta ƙare, ko an toshe layin, ko sabis ne ya ɗauke a unguwar. A rautar da ke aiki da wayar faiba, jar fitila a wurin da aka rubuta LOS na nufin hasken da ke zuwa daga kamfani ya yanke, kuma babu abin da za ka yi sai kiransu. Cire rauta daga wuta na rabin minti a mayar yana da amfani. Amma ƙaramin ramin nan na Reset da ake tsokana da tsinke, ka bar shi, domin yana goge dukkan saitin da kamfani ya yi, har da sunan waifai da lambar sirri.

Idan kuwa waya ta buɗe shafi laftof ta ƙi, aiki ya dawo kan kwamfuta. Danna maɓallin Windows, ka rubuta cmd, ka buɗe baƙin allon da ya fito, sannan ka rubuta:

```
ipconfig /all
```

Rubutu mai yawa zai zubo, kada ya firgita ka. Nemi sashen da aka rubuta Wi-Fi, ka karanta layi uku kacal: IPv4 Address, Default Gateway da DNS Servers. Na farko adireshin laftof ɗinka ne, na biyu adireshin rauta, na uku kuma za mu zo kansa. A gida mai lafiya za ka ga wani abu kamar 192.168.8.100 a layin farko da 192.168.8.1 a na biyu, ko 192.168.0.1, ko 192.168.1.1, gwargwadon irin rautar. Abin lura shi ne rukuni ukun farko na lambobin biyu su zama iri ɗaya.

Idan adireshin ya fara da 169.254, kuma layin Default Gateway babu komai, ka kama ɓarawon. Rauta ce ke raba wa kowace na'ura adireshi ta wani tsari da ake kira DHCP. Laftof ta roƙa ba a ba ta ba, sai ta ƙirƙira wa kanta wannan lamba, wadda ba ta fita ko'ina. Ka sa ta sake roƙo:

```
ipconfig /release
ipconfig /renew
```

In ta sake dawowa da 169.254, ka kashe rauta ka kunna. A wuraren da jama'a suka yi yawa, kamar ɗakin karatu ko otal, adiresoshin da aka ware kan ƙare, kuma wannan sai mai kula da wurin.

Idan adireshi ya yi daidai, sai a auna hanya mataki-mataki da umarnin ping, wanda ke aika ɗan saƙo ya jira amsa. Gwaji uku ne, kuma jerinsu yana da muhimmanci:

```
ping 192.168.8.1
ping 8.8.8.8
ping google.com
```

A na farko ka sa lambar da ka gani a naka Default Gateway. Amsa mai kyau tana zuwa da "Reply from" tare da "time=" da "TTL=". "Request timed out" na nufin shiru. Akwai wata amsa mai ruɗi da ta fara da "Reply from" amma ta ƙare da "Destination host unreachable". Wannan ba nasara ba ce, sanarwa ce cewa an kasa isa, kuma mutane da yawa kan tsallake ta don sun ga kalmar farko.

In rauta ba ta amsa ba, matsalar tana cikin ɗaki, tsakanin laftof da rauta. In ta amsa amma 8.8.8.8 ya yi shiru, saƙo yana isa rauta ya maƙale, wato matsalar tana tsakanin rauta da kamfani, ko kuma wata manhajar VPN ta tare hanya. In na biyu ya amsa, na uku kuma ya ce "Ping request could not find host", to intanet tana nan daram, DNS ce ta lalace.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, don wannan ce matsalar da ta fi wahalar da mutane. Kwamfutoci ba su san sunaye ba, lambobi suka sani. Kamar yadda kake danna sunan ƙanwarka a waya, wayar ta nemo lambarta ta kira, haka burauza ke tambayar uwar garken DNS lambar google.com kafin ta je can. Idan wadda ake tambaya ta mutu ko ba a iya kai mata, duk shafukan duniya sun rufe a gare ka alhali hanya a buɗe take. Lambar 8.8.8.8 da muka gwada ita kanta uwar garken DNS ce ta Google, wadda aka buɗe wa kowa a 2009. Kamfanin Cloudflare ma yana da tasa, 1.1.1.1, tun 2018.

Mu ɗauki misalin ma'aikaciya da laftof ɗinta ke aiki lafiya a ofis amma ta ƙi a gida, ga shi yara suna kallon bidiyo a waya da wannan waifan. Ta rubuta ipconfig /all, ta ga adireshinta 192.168.8.103, rauta 192.168.8.1, komai daidai. Rauta ta amsa ping, 8.8.8.8 ya amsa, google.com ya ƙi. Da ta koma layin DNS Servers sai ta ga 10.0.0.5. Lambobin da suka fara da 10 na cikin gida ne, ba a isa gare su daga waje. Wani a ofis ya rubuta wannan lamba da hannu don laftof ta riƙa ganin kwamfutocin ma'aikatar, ita kuma ta ci gaba da neman ta har a gida. Don ta tabbatar, sai ta yi tambaya ɗaya sau biyu:

```
nslookup google.com
nslookup google.com 8.8.8.8
```

Ta farko ta dawo da "DNS request timed out", ta biyu ta kawo lambobi nan take. Shakka ta kau.

Gyaran ba shi da wuya. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta ncpa.cpl, ka danna dama a kan Wi-Fi, ka zaɓi Properties, sannan Internet Protocol Version 4 (TCP/IPv4). Ka tabbata an zaɓi "Obtain an IP address automatically" da "Obtain DNS server address automatically". Kafin ka canza, ka ɗauki hoton lambobin da ke wurin, don mai laftof ɗin ofis zai buƙace su gobe da safe. Idan dama a kan hakan suke kuma DNS ta kamfaninka ce ke ciwo, sai ka rubuta 8.8.8.8 da 1.1.1.1 da hannunka. Daga nan ka share tsofaffin amsoshin da kwamfuta ta adana:

```
ipconfig /flushdns
```

A wannan akwatin ne kuma ake samun ɗaya matsalar adireshi: an rubuta wa laftof tsayayyen adireshi kamar 192.168.1.50 alhali rautar gida tana kan 192.168.8.1. Alamarsa a ipconfig /all ita ce layin DHCP Enabled ya ce No.

Wani lokaci gwaji ukun duk su amsa, amma burauza ta ƙi. To a duba abu uku. A otal ko filin jirgi akwai shafin shiga da sai ka amince da sharuɗɗansa, kuma ba ya fitowa da kansa kullum. A saitin Windows kuma, ƙarƙashin Proxy, wata manhaja kan bar adireshin da ya daina aiki. Sai agogo: idan kwanan watan kwamfuta ya koma baya da shekaru, shafuka masu tsaro za su ƙi buɗewa. Ka kuma sani wasu manyan ma'aikatu suna toshe ping da gangan, don haka shirunsa a can ba hujja ba ce.

Umarnin netsh winsock reset da netsh int ip reset, waɗanda ake rubutawa a cmd da aka buɗe da "Run as administrator" sannan a sake kunna kwamfuta, makami ne na ƙarshe, haka ma Network reset da ke cikin saiti. Suna share saitin da aka yi da hannu, shi kuwa Network reset har da lambobin sirrin waifai da aka adana. Ban ga dalilin fara aiki da su ba kafin a san inda ciwon yake. Idan duk wannan bai yi ba kuma dole ka je wajen mai gyara, ka tafi da hoton allon ipconfig /all da na gwajin ping ɗin nan uku, ka nuna masa kafin ya ce zai sauke maka Windows.