A rufe akwatin hira kafin a naɗi darasi

Malaman da ke koyarwa ta Google Meet ko Zoom kan tura wa ɗalibansu gajeriyar sanarwa: duk mai son adana darasi ya ɓoye akwatin hira tukuna. Wasu ɗalibai na ɗaukar abin a matsayin tsanani. Ni kuwa ina ganin malaman na da gaskiya, domin a akwatin nan ake rubuta sunaye da lambobin waya, har da tambayar da mutum ya ji nauyin yi da baki. Da zarar bidiyo ya shiga WhatsApp, ba mai iya dawo da shi.

Hira na shiga bidiyo ta hanya biyu, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Idan malami ne ya naɗi darasin da maɓallin Meet, hirar ba ta manne da hoton. Bidiyon na sauka a Google Drive ɗinsa, hirar kuma ta sauka daban a fayil mai ƙarewa da .sbv. Ɗalibar da ta sauke duka biyun ta buɗe su a VLC za ta ga saƙonnin 'yan aji na fitowa a ƙasan hoto, wataƙila a daidai layin lissafin da malam ke warwarewa. Wannan mai sauƙi ne. Ta shiga Subtitle, sannan Sub Track, ta zaɓi Disable. In za ta tura wa wani, ta tura bidiyon kaɗai. Zoom ma yana ware hirar a fayil mai ƙarewa da .txt.

Matsalar tana wajen ɗalibin da ya naɗi fuskar wayarsa ko kwamfutarsa da kansa. Irin wannan naɗi ba ya tantance komai, duk abin da ido ya gani shi zai ɗauka, ya zama jikin hoton. Babu maɓallin da zai cire shi daga baya, sai dai a yanke gefen hoton ko a dusashe wurin, kuma sau da yawa rubutun allo na tafiya tare da shi. Gane bambancin ba wuya: in an kashe Subtitle saƙon bai ɓace ba, to ya riga ya manne.

Saboda haka tun kafin malam ya yi sallama ake shiri. A rufe akwatin hira. A Zoom na kwamfuta, a taɓa 'yar kibiyar da ke gefen Chat a cire alamar Show chat previews, don rufe akwatin kaɗai ba ya hana sabon saƙo leƙowa. A sa waya a Do Not Disturb. Sannan a naɗi daƙiƙa 10 a kalla, a tabbata allo ne kawai ya fito.

Ɗalibai, ku nemi izinin malam kafin ku naɗa, kuma bidiyon da sunan wani ya fito a ciki kada ya bar wayarku.