Kafin a yarda da matsakaici, a koma ga jadawalin da ya haife shi

A shekarar 2010 wasu masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka wallafa wata gajeriyar takarda kan bashin gwamnati da haɓakar arziki. Sun tattara alƙaluman ƙasashe 20 masu arziki daga 1946 zuwa 2009, suka kasa shekarun gida huɗu gwargwadon nauyin bashi, suka fitar da matsakaicin kowane gida. Sakamakon da ya zaga duniya shi ne cewa idan bashi ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da ƙasa ke samarwa a shekara, matsakaicin haɓakar yakan faɗi zuwa −0.1 cikin ɗari. ’Yan siyasa masu neman a tsuke aljihun gwamnati a Amurka da Turai suka riƙa kafa hujja da wannan adadi. Sai a 2013 wani ɗalibi a Jami’ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, wanda aka ba aikin aji na maimaita lissafin wata takarda, ya yi ta gwadawa adadin ya ƙi fita. Da marubutan suka aiko masa da ainihin jadawalinsu na Excel, ya ga cewa umarnin da ke ɗaukar matsakaici ya tsaya kafin ƙarshen jerin, ya bar ƙasashe biyar a waje: Ostireliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Da shi da malamansa, Michael Ash da Robert Pollin, suka sake lissafin gaba ɗaya, sai suka samu 2.2 a inda takarda ta ce −0.1.

Abin da nake son mai karatu ya lura da shi a nan shi ne arahar binciken da ya tono kuskuren. Ba a buƙaci sabon nazari ko zurfin ilimin ƙididdiga ba, tarawa ce da rabawa irin ta ɗan firamare. Duk da haka shekara uku aka yi ba wanda ya yi ta, domin jadawalin ba ya hannun kowa. Matsakaici da jimilla da ma’aunin bazuwa, wato wannan adadin da ake rubuta wa SD a kan jadawali, duka ’ya’yan ɗanyen alƙaluma ne. Idan uwar tana nan a shafi, kowa zai iya duba ko ’ya’yan nata ne. Ra’ayina shi ne wannan dubawa ta zama aikin farko na duk mai duba takarda, malamin da ke kula da kundin ɗalibi ne ko mai tace wa mujalla, kafin ma ya karanta abin da marubucin ya ce alƙaluman suna nufi.

Ga misali da na ƙirƙira don a ga yadda aikin yake. A ce takarda ta gwada wani irin masara a filaye goma, jadawalin ya ba da buhunan da aka samu a kowanne: 12, 14, 15, 15, 16, 17, 18, 18, 20 da 25. Abu na farko ba tarawa ba ce, ƙirga ce: layuka nawa ne ke da lamba a ciki, kuma sun yi daidai da adadin da takarda ta ce ta gwada? A nan goma ne. Jimilla 170, an raba gida goma, matsakaici 17. Ma’aunin bazuwa kuwa yana nuna yadda filayen suka yi nisa da wannan 17. Ana cire 17 daga kowace lamba, a ninka abin da ya fito da kansa, a tara. Filin farko ya gaza da 5, ya ba da 25. Na ƙarshe ya zarce da 8, ya ba da 64. Duka goman sun taru sun ba da 118. A raba 118 da tara, wato adadin filaye ba ɗaya, a samu 13.11, sannan a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da haka. Ita ce 3.62. Idan lambobin suna gurbi na B2 zuwa B11 a Excel, aikin bai wuce haka ba:

```
=COUNT(B2:B11)
=SUM(B2:B11)
=AVERAGE(B2:B11)
=STDEV.S(B2:B11)
```

Inda aikin yake da daɗi shi ne lokacin da adadin takarda ya saɓa, domin kowane irin kuskure yana barin sawunsa. Idan takarda ta rubuta matsakaici 17 da bazuwa 3.44, ba wani abin tashin hankali: an raba 118 da goma maimakon tara, wato an yi amfani da STDEV.P, wanda ya dace da wanda ya ƙirga kowa da kowa, ba wanda ya ɗebi samfuri ba. Idan ta rubuta 17 da 1.15, to marubucin ya raba 3.62 da tushen goma, ya ba da ma’aunin rashin tabbas na matsakaicin kansa, wanda ake rubuta wa SE, ya kuma kira shi da sunan da ba nasa ba. Wannan ya fi muni, domin yana sa filayen su yi kama da masu amfanin gona kusan ɗaya, alhali tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma akwai buhu 13. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: mai duba da ya ga 12 da 25 a jadawali ɗaya, ya kuma ga bazuwa ba ta kai ɗaya da rabi ba, ya kamata ya dakata tun kafin ya taɓa kwamfuta. Idan kuma takarda ta ce 16.11 da 2.42, an bar layin ƙarshe a waje, irin abin da ya faru da Reinhart da Rogoff. Duba yadda barin fili ɗaya ya rage matsakaici da abin da bai kai buhu ɗaya ba, amma ya zaftare kashi ɗaya cikin uku na bazuwa. Shi ya sa bazuwa ta fi matsakaici saurin tona asiri. Idan aka ga 14.5 kuwa, an tara filaye tara an raba da goma, abin da ke faruwa idan aka cike gurbin da babu bayani da sifili. Umarnin AVERAGE yana tsallake gurbin da ba komai, amma yana ƙirga sifili a matsayin fili da bai ba da ko buhu ɗaya ba.

Za a ce ai lambobi kan saɓa saboda an taƙaita su. Gaskiya ne, kuma mai duba da bai san haka ba zai yi ta zargin marasa laifi. Rukuni uku masu girma ɗaya kowanne 33.3 cikin ɗari ne, jimillarsu 99.9, ba kuskure a ciki. Amma taƙaitawa tana da iyaka da aka sani: idan an tsaya a lamba ɗaya bayan ɗigo, ba za ta motsa adadi fiye da 0.05 ba. Tana iya mayar da 16.96 ya zama 17.0, ba ta iya mayar da 17 ya zama 16.11.

Za a kuma ce yawancin takardu ba sa kawo ɗanyen jadawali, to da me za a gwada? Ko a nan akwai ɗan abin yi. Nick Brown da James Heathers sun fito da wani gwaji a 2016 da suka kira GRIM, kuma tushensa mai sauƙi ne. Idan abin da aka auna cikakkun lambobi ne, kamar amsa daga 1 zuwa 5, jimillarsu dole ta zama cikakkiyar lamba. Mutum goma ba za su taɓa ba da matsakaici 3.47 ba, domin hakan na nufin jimilla 34.7, kuma ba wanda ya amsa da guntun lamba. A cikin takardun ilimin halayyar ɗan Adam 71 da gwajin ya iya aiki a kansu, sun tarar da 36 suna ɗauke da aƙalla matsakaici ɗaya da ba zai yiwu ba. Gwajin yana da iyaka: ba ya aiki da ma’auni irin na nauyi ko tsawo, kuma idan mutanen sun kai ɗari aka kuma tsaya a lamba biyu bayan ɗigo, kusan kowane adadi zai wuce. Amma rashin jadawali hujja ce ta neman jadawali, ba ta barin bincike ba.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na masu cewa irin waɗannan kurakurai ba sa canza hukunci, kuma labarin Reinhart da Rogoff ma yana ba su ɗan goyon baya. Marubutan sun amsa kuskuren Excel, amma suka ce alaƙar bashi mai yawa da raguwar haɓaka tana nan ko a lissafin masu sukar su. Haka kuma layuka biyar ɗin nan ba su ne suka haddasa yawancin tazarar ba. Rabonsu wajen 0.3 ne kawai. Sauran ya fito daga wasu shekarun bayan Yaƙin Duniya na Biyu da ba a saka ba, da kuma yadda aka ɗauki matsakaicin. An fara fitar da na kowace ƙasa, sannan aka ɗauki matsakaicin waɗannan, kowace ƙasa da nauyi ɗaya. Ta haka shekara ɗaya tak ta Niyu Zilan, 1951, wadda aka rubuta mata −7.6, ta yi nauyi daidai da shekaru 19 na Birtaniya. Wannan ba kuskuren tarawa ba ne, zaɓi ne, kuma masana na iya sa-in-sa a kansa. Sai dai a ganina hakan ƙara wa hujjata ƙarfi yake yi. Kalmar matsakaici ɗaya ce a shafi, amma hanyoyin fitar da shi sun fi ɗaya, kuma ba a gane wadda aka bi ba sai da wani ya zauna da jadawalin yana neman adadin ya fito. Gangara a hankali daban ce da rami a kashi 90, kuma ramin ne ’yan siyasa suka riƙe.

Dole a yarda cewa daidaituwa ba ta tabbatar da gaskiya. Wanda ya ƙirƙiri lambobi ya zuba su a Excel zai samu matsakaici da bazuwa da suka dace da su sarai. Haka kuma saɓani ba ya tabbatar da ha’inci. Sau da yawa an gyara jadawali ne bayan an rubuta sakamako, ko an kwafo layin wani rukuni zuwa wani. Don haka mai duba ya rubuta wa marubuci abin da ya samu a fili: na ƙirga goma, na samu 17 da 3.62, takardarka ta ce 16.11 da 2.42, ko an cire fili na goma ne, kuma me ya sa? Irin wannan tambaya tana da amsa, kuma marubucin kirki zai ba da ita a yini ɗaya.

Ga malaman da ke sa hannu a kundin digiri da masu tace wa mujallu, buƙatar ƙarama ce. Ku nemi fayil ɗin kansa, ba hotonsa ba, ku danna gurbin da matsakaici yake, ku duba a wane layi umarnin ya fara, a wane layi ya tsaya.