Kwano ko kilo: Yadda ake gane ainihin farashin hatsi a Gaya da Ajingi

A kasuwannin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da ke gabashin jihar Kano, da kwano ake cinikin gero da dawa da wake, duk kuwa da cewa tun shekarun 1970 Najeriya ta koma amfani da kilo da lita a hukumance.

Matsalar ita ce kwano cika yake aunawa, ba nauyi ba, kuma ba kowane kwano ne daidai da ɗan'uwansa ba.

Bisa al'ada, ana lissafin kwano 40 a buhun hatsi mai kilo 100, wato kimanin kilo biyu da rabi ke nan a kowane kwano.

To amma wannan lissafi na sauyawa idan aka buga gindin kwanon ya shige ciki, ko kuma mai awo ya rage tozon da ake yi a kai.

A ɗauka wani mai awo na sayar da kwanon gero naira 1,500, kuma kwanon nasa na cin kilo biyu da rabi. Kilo ɗaya ya kama naira 600.

Maƙwabcinsa kuma na sayarwa naira 1,400, amma nasa kwanon kilo 2.2 yake ci. A nan kilo ya kama kusan naira 636.

Wato wanda ake ganin ya fi araha shi ne ya fi tsada, kuma wanda ya auni kwano 40 a wurinsa zai koma gida da giɓin kilo 12.

Manomi ma abin na shafarsa ta ɗaya ɓangaren, domin idan aka sayi amfaninsa da babban kwano aka sayar da ƙarami, ribar da ke tsakani daga guminsa ta fito.

Haka batun yake a man gyaɗa da manja. Kwalbar da aka saba awo da ita kashi uku ce cikin huɗu na lita, don haka kwalbar naira 2,400 na nufin lita ta kama naira 3,200.

Dokar awo da ma'auni ta 1974 ta ɗora wa sashen awo na ma'aikatar ciniki ta tarayya alhakin duba sikeli da tabbatar da ingancinsa.

Sai dai rubuta farashin kilo a jikin kaya ba zai kawar da algus baki ɗaya ba. Hatsin da bai gama bushewa ba, ko wanda aka cakuɗa da tsakuwa, nauyi yake ƙarawa, kuma shi kansa sikelin ana iya murɗe shi.

Mai saye na iya gwada sikeli da ruwa, kasancewar lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi da ba a buɗe ba ya kamata ta ɗan haura kilo ɗaya da rabi kaɗan, saboda nauyin robar.